Ranar da Shafinmu na Gure Ya Ƙi Buɗewa

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ina koyar da lissafi a kwalejin Gure. Yara suna ce mini Mushe, kamar yadda suke ce wa kowane malami, har sunan ya bi ni kasuwa. Kafin a turo ni gida na yi wani ɗan horo a Yamai kan na'urar ordinatar, wato kwamfuta, kuma a can na koyi rubuta wa na'ura umarni, abin da muke kira kod. Na dawo Gure da littafi guda mai kauri da disket kaɗan, ban kuma zaci zan sake taɓa wannan aikin ba.

A lokacin akwai wani ƙaramin ofis da ke aikin tsayar da tudun rairayi, don kada ya binne kwarurrukan da ake noman dabino da rogo a cikinsu. Shugaban ofishin ma'aikacin gandun daji ne, mutumin Dogonduci, dogo, mai yawan shan shayi. Shi ke da ordinatar da layin talho da modem, wato akwatin da ke haɗa na'ura da layin waya. In ana son shiga intanet sai modem ta kira Yamai, ta yi ta ƙara kamar ana yanka kaza, sannan in Allah ya so ta haɗu. Ya ba ni izinin zama a kan na'urar bayan la'asar, ni kuma ina gyara masa rahotanninsa.

Ta hanyarsa na san Hajiya. Ƴar Kelle ce, tana aikin harhaɗa magani a Faransa, kuma ita ke shugabantar ƙungiyar ƴan yankinmu da ke zaune can. Ta girme ni sosai, sa'ar babbar yayata ce. Ƙungiyar tana son shafin intanet da zai riƙa ba da labarin gida: inda ruwa ya sauka, yadda dabino ya yi, inda rairayi ya matso, wa ya haihu, wa ya rasu. Ta ce ba ta son wani Bature ya rubuta musu labarin garinsu, tana son ɗan gida. Haka na zama mai yi musu aiki. Shafin yana ajiye a wata babbar na'ura a Faransa da ƙungiyar ta kama wuri a cikinta, ni kuma daga Gure nake tura masa labari kowane mako.

Yadda na tsara abin ba wuya. Labaran duka suna cikin fishiye guda, wato takarda ta cikin na'ura, kowane labari a layinsa: rana, gari, sannan bayani. Duk wanda ya buɗe shafin, wani ɗan shiri da na rubuta sai ya karanta wannan fishiye, ya jera labaran, ya nuna masa. In na sami sabon labari sai in ƙara shi a na'urar Gure, in tura fishiye ɗin gaba ɗaya ya hau kan tsohon. Watanni ana haka ba abin da ya faru. Mutanen da ban taɓa gani ba suna aiko mini da gaisuwa. Wani tsoho da ke aikin gini a can ya sa ɗansa ya rubuto cewa in tambayar masa ko rijiyar bakin kasuwar Gamu tana nan.

Wata Laraba cikin damina na zauna tura labari. Hadari ya taso daga gabas tun ina hanya. Na haɗu da Yamai, na fara turawa, ana cikin haka sai aka yi tsawa, modem ta yi shiru. Na sake kira, babu ko ƙara a layin. Shugaban ofis ya ɗaga kan talho ya saurara, ya ajiye.

"Ya mutu," in ji shi. "Sai ka kashe na'urar kafin ita ma ta bi shi."

Na kashe, muka zauna muna kallon ruwa. Ban damu ba. A ganina tun da turawar ba ta kammala ba, to tsohon labari yana nan a shafin, mutane za su yi haƙuri da shi har layi ya dawo. Na tafi gida ina murnar ruwan.

Layin bai dawo ba sai cikin mako na gaba. Da na haɗu, saƙonni suka fara saukowa, mafi yawansu daga Hajiya. Na farko gajere ne, tana tambaya ko na san shafin ba ya buɗewa. Na biyu ta ce ta yi ta kiran ofis ba ya shiga. Na ƙarshe shi ne na karanta har sau uku.

Ashe ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙungiyar ta gayyaci Faransawan garin da ƴaƴanta suke zaune, waɗanda ke tunanin taimaka wa aikin kafa shinge a kan rairayi. An taru a ɗakin karatu na garin, an kawo na'ura, Hajiya ta miƙe ta ce yanzu za su ga Gure da idonsu. Ta buɗe shafin, sai farin allo da ƴan kalmomin Ingilishi masu cewa na'ura ta sami matsala. Ta sake gwadawa, haka. Wani saurayi Bafaranshe da ke taimaka wa ƙungiyar ya gwada, haka. Ta ƙarasa bayaninta da baki, baƙi suka saurara cikin ladabi, suka tafi ba su yi alkawarin komai ba.

A ƙarshen saƙon ta rubuta: "Malam, ban rubuto don in yi maka faɗa ba. Amma kwamiti yana cewa a ba saurayin nan shafin, kai kuma ka riƙa aiko masa da labari ta fakis. Ni ban so. Ka gaya mini abin da ya faru, ka gaya mini ko zai sake faruwa. Amsarka zan karanta musu."

Na buɗe shafin da kaina, na ga farin allon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin Hajiya a tsaye gaban mutane, mace mai kamun kai, tana danna abu yana ƙi.

Babbar na'urar tana rubuta duk kuskuren da ya faru a wani fishiye na daban. Na sauko da shi. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa tun daga yammacin Laraba, kuma kalmomina ne, domin ni na rubuta su cikin kod: layin labari bai cika ba. Sai na sauko da fishiye ɗin labarai da ke can, na kwatanta da nawa. Na can bai kai rabi ba. Ya tsaya a tsakiyar wani layi, akwai rana, akwai rabin sunan gari, ba bayani. Nan na gane komai. Lokacin da aka fara turawa, na'urar can ta share abin da ke cikin tsohon fishiye don ta zuba sabo a wurinsa. Layi ya yanke a tsakiya. Tsoho ya tafi, sabo bai iso duka ba. Shi kuma shirin nawa, na umarce shi da ya tsaya cak in ya ga layin da bai cika ba, don a lokacin da nake rubuta shi ina tunanin kuskuren hannuna ne kawai zai iya kawo haka, kuma zan gani nan take in gyara. Ya yi abin da na ce masa. Duk wanda ya zo, sai ya karanta har wurin, ya tsaya kafin ya nuna komai.

Mayar da shafin bai ɗauki lokaci ba. Na sake tura fishiye ɗin, ya isa lafiya, shafi ya buɗe. Na aika wa Hajiya layi biyu cewa ya dawo, cikakken bayani yana tafe.

Shugaban ofis ya miƙo mini kofin shayi, ya ce, "To ai shi ke nan. Ka rubuta mata cewa tsawa ce ta kashe layi. Gaskiya ce, ni shaida ne."

"Gaskiya ce, Shugaba. Amma in na ce haka kawai, kwamiti zai ce to ai Gure ba ta rabuwa da yankewar layi."

Ya gyaɗa kai. "Kuma ba su yi ƙarya ba."

"Shi ya sa. Layin ba zan iya gyara shi ba. Sai dai in sa yankewarsa ta daina kashe shafin."

Kwana biyu ina kan gyaran, ina rubutawa a takarda tsakanin darasi da darasi, da yamma in gwada a na'urar ofis ba tare da na kira Yamai ba. Na canja abu uku. Na farko, ba zan ƙara tura sabon fishiye a kan tsohon ba, zan tura shi da wani suna dabam, ya sauka a gefe. Na biyu, layin ƙarshe na kowane fishiye zai zama alama, kalmar KARSHE tare da yawan labaran da ke ciki. Shirin zai duba sabon: in ya ga alamar, kuma yawan ya yi daidai, sai ya canja masa suna ya zama shi ne na aiki, kuma canjin suna abu ne da na'ura ke yi a taki ɗaya, ba ya tsayawa a rabi. In bai ga alamar ba, ba zai taɓa shi ba, zai ci gaba da tsohon. Na uku, ko da wata rana ya tarar da layi marar kyau, ya tsallake shi, ya rubuta a fishiye ɗin kurakurai, ya nuna sauran labaran.

Na gwada da fishiye da na yanke da hannuna a wurare dabam-dabam. A gwajin farko a babbar na'ura canjin sunan ya ƙi, domin shirin ba shi da izinin rubutu a wurin da fishiye ɗin yake. Na buɗe masa izinin, ya yi.

Saura saƙon. Shi ya fi ba ni wuya. Na fara da Faransanci, na cika shi da kalmomin sana'a, na karanta sai na ga kamar ina ɓuya a bayansu ne. Na goge. Na sake wani da ya cika da ban haƙuri har bayanin ya ɓace a ciki. Matata, wadda ke aikin ungozoma a asibitin gari, ta ga ina ta juya takarda bayan cin abinci, ta tambaye ni. Da na gaya mata sai ta ce ita in dangin marar lafiya suka tare ta, abu uku suke son ji: me ya faru, me aka yi, me za su sa ido a kai. Ta ce in sun ji waɗannan, ko labarin ba daɗi, suna iya zama. Ta ɗauki kwanoninta ta fita.

Washegari na rubuta da Hausa, yadda muka saba da Hajiya, ba ƙugiya a kan haruffa domin saƙon mel, wato wasiƙar intanet, na lokacin ba ya ɗaukarsu. Na ajiye kwafinsa, ga abin da ya ƙunsa bayan gaisuwa:

"Hajiya, shafin ya daina buɗewa tun yammacin Laraba har ranar da layinmu ya dawo. Ga dalili. Ina cikin tura sabon labari layin talho ya yanke. Yadda na tsara aikin a da, sabon labari yana hawa kan tsohon kai tsaye, kamar a zubar da ruwan randa tun mai kawo ruwa yana hanya. Tsohon ya goge, sabon ya iso rabi. Shirin da ke nuna shafin kuma na rubuta shi ya tsaya in ya ga labarin da bai cika ba, shi ya sa kuka ga farin allo. Yankewar layi ce ta tayar da matsalar, amma tsarin da na yi ne ya bari ta kai ga shafin. Ba wanda ya shiga ya ɓata mana abu, kuma ba labarin da ya ɓata, duk suna nan a na'urar Gure.

"Ga abin da na gyara. Yanzu sabon labari yana sauka a gefe. Shirin yana duba ko ya iso har ƙarshensa. In ya cika, sai ya maye gurbin tsohon a lokaci guda. In bai cika ba, tsohon yana nan yana aiki. In kuma wani layi ya lalace, za a tsallake shi, sauran su fito.

"Abin da ban iya alkawari ba shi ne layin Gure ya daina yankewa. Zai sake yankewa. In ya yanke, abin da za ku gani shi ne labarin makon jiya, ba farin allo ba. Haka kuma in babbar na'urar can ita kanta ta tsaya, wannan gyaran ba ya hana shi, sai a kira masu ita. Na ji nauyin abin da ya same ki a gaban baƙi, ki yi haƙuri.

"Ba na so kwamiti ya yarda da maganata kawai. Ku zaɓi rana. Zan fara tura labari, in cire wayar da hannuna a tsakiya, ku kuma ku buɗe shafin ku gani."

Na fassara shi da Faransanci a ƙasa saboda waɗanda ba sa jin Hausa. Kafin in aika na karanta wa shugaban ofis. Da na zo sakin ƙarshe sai ya ajiye butar shayi.

"Mushe, ka tabbata? In ya mutu a gabansu fa?"

"In ya mutu, gara ya mutu ranar da nake zaune kusa da shi."

"To ni zan cire wayar," in ji shi. "Kada su ce ka yi wayo."

Amsar Hajiya ta zo bayan kwana biyu. Ta ce ta karanta wa kwamiti, saurayin nan ya yi tambayoyi biyu, ga su. Tambayoyin masu kyau ne. A ɗaya daga ciki yana son sanin abin da zai faru da rabin fishiye da ya rage a gefe. Na amsa cewa turawa ta gaba za ta hau kansa, kuma kafin nan ba mai karanta shi. Suka sa ranar Asabar da hantsi.

Ranar na zo ofis da wuri. Sama garau, layi kuma ya haɗu a kira na biyu. Na aika wa Hajiya cewa mun shirya, ta amsa cewa suna gaban na'ura a gidanta, su huɗu. Na shirya sabon labari: shuka ta yi kyau wajen Kelle, makiyaya a Alakos sun ce ciyawa ta fito. Na tsawaita bayanin sosai, don turawar ta ɗan daɗe. Na danna. Shugaban ofis yana tsugune a bayan tebur riƙe da wayar, yana kallon fuskata. Da na ga turawar ta kai wajen rabi na ce masa yanzu. Ya zare ta.

Daga nan ba abin da za mu iya gani. Mun yanke kanmu daga duniya da hannunmu. Mun yi alkawarin ba su lokaci su duba, don haka muka zauna. Ya dafa shayi na biyu. Wata akuya ta leƙo ƙofa ya kore ta. Da lokacin ya yi muka mayar da waya, sai layin Yamai ya ƙi shiga, kira bayan kira yana nuna a cike yake. Na fita na zaga ofishin, na dawo. Shugaba yana ta danna kiran a madadina.

Da modem ta haɗu, saƙon Hajiya yana jira. Ta ce sun buɗe shafin kowa da hannunsa, yana nan da labarin makon jiya, ba abin da ya motsa. Ta ce yanzu in turo na gaskiyar, suna son jin labarin shuka. Na tura, ya isa duka. Ban daɗe ba wani saƙon ya shigo: "Mun gani. Ashe ciyawa ta fito a Alakos. Alhamdu lillahi. Sannu da aiki, Malam."

Shugaban ofis ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa, ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi murna don an cire waya ba.

Kwamiti ya bar shafin a hannuna. Saurayin da aka so a ba shi ya rubuto mini da kansa, ya roƙi in aiko masa da kod ɗin ya karanta. Na aika. Ya nuna mini wani wuri da zan iya taƙaitawa, na karɓa, ya kuma ɗauki nauyin duba shafin daga can kowace safiya, don in wani abu ya faru layinmu yana a mace a sami mai gani. Mun daɗe muna aiki tare ba mu taɓa haɗuwa ba.

Baƙin nan Hajiya ta sake gayyatarsu bayan damina. Ba duka suka dawo ba, amma waɗanda suka zo sun ga shafin, sun karanta labarin wani kwari da rairayi ya fara cin dabinonsa na gefe. Taimakon da suka yi ba mai yawa ba ne. Ya isa aka kafa shingen kara da rassan kalumbo a kan tudu ɗaya, aka dasa itatuwa a tsakani. Layin kuwa ya ci gaba da halinsa. Kafin damina ta ƙare ya sake yanke mini ina cikin turawa, wannan karon ba da saninmu ba, na kashe na'ura na tafi masallaci.

Da sanyi ya shigo Hajiya ta zo gida ganin mahaifiyarta. A hanyarta ta zuwa Kelle ta sa direba ya tsaya a ofis. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Gajeriya ce, da tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta ba matata turare. Sannan ta dubi teburin, da na'urar da muke rufewa da tsohon zane, da wayar da ta bi ta taga.

"Daga nan ne duka?"

"Daga nan ne, Hajiya."

Ta ja kujera ta zauna, ta ce in nuna mata inda ake rubuta labarin. Na buɗe mata. Da yatsa biyu ta rubuta rana, ta rubuta Gure, ta rubuta cewa ta iso lafiya, ta tarar da mutane lafiya, kasuwa cike da sabon gero. Ta tambaye ni ko ta ƙara wani abu, na ce abin da take so. Ta ƙara cewa rijiyar Gamu za ta je ta gano da idonta. Direba ya yi oda a waje, ta ce masa ya jira, sai ta ga an tura.